Ƙanina ya faɗi a makaranta, an tura masa cokali har haƙori ya karye

Salam Anti. Ƙanina ne ɗan shekara 16, satin da ya wuce ya faɗi a makaranta yana jijjiga da kumfa a baki, aka tura masa cokali haƙorinsa na gaba ya karye, wasu suka sheƙa masa ruwa, yara kuma suka gudu wai kar yawunsa ya taɓa su. Wannan ne na biyu, na farko da azumi ne. Kuma dama ya fi shekara yakan ce yana jin wani abu na taso masa daga ciki da warin ƙonanniyar roba, sai ya yi shiru yana tsotsar baki yana jan rigarsa, in ya dawo bai san ya yi ba. Mama ta ce iska ce. An ware masa kwano da kofi. Don Allah mene ne wannan, kuma in ya sake faɗuwa ya zan yi? Daga ƙanwarki a Anguwar Rogo, Jos.

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah Ya ba shi lafiya. Ba zan iya yanke hukunci daga saƙon waya ba, wannan aikin likitan da zai gan shi ne, amma gaskiya abin da kika lissafo ya yi kama da farfaɗiya sosai. Kuma abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, wannan shirun da tsotsar bakin da kuma faɗuwar, inaga ba ciwo biyu ba ne, abu ɗaya ne, wani lokaci ya tsaya ƙarami wani lokaci ya yi girma. In kin gane abin da ke faruwa a cikin kansa a wannan lokacin, ke da kanki za ki ga dalilin da ya sa cokalin nan ba shi da wani amfani sai ɓarna.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kuma da ɗan ƙaramin lantarki suke aika wa juna saƙo, ɗaga hannu, gani, jin wari, tuna sunan mutum, duk ta haka ne. Akwai sinadarin da ke zuga ƙwayar ta aika saƙo, babbansu shi ne gulutamet, akwai kuma mai kwantar da ita, shi ake kira GABA. Lafiya ita ce biyun nan su daidaita, kowace ƙwaya ta yi aikinta a lokacinta. Ki ɗauki kasuwar Farin Gada da safe, kowa na cinikinsa, mai tumatir na magana mai kabeji na magana, hayaniya ce amma ana fahimtar juna. Toh a ce 'yan layi ɗaya su bar ciniki su hau ihu iri ɗaya a tare, wannan layin ciniki ya tsaya, sauran kasuwa na ci. In ihun ya bazu kowa ya ɗauka, kasuwar gaba ɗaya ta tsaya. Haka ƙwayoyin ke yi, zugar ta rinjayi kwantarwar, tarin ƙwayoyi su riƙa harba lantarki a tare babu tsari, kuma abin da za ki gani a jikin mutum ya danganta da wane yanki ne abin ya kama da kuma iya inda ya kai.

Shi ya sa likitoci suka raba abin gida biyu manya, wanda ke farawa daga wuri ɗaya a gefe ɗaya na ƙwaƙwalwa, da wanda ke kama gefe biyun tun daga farko. Akwai na uku da ake ajiye wanda ba a ga farkonsa ba, misali wanda ya faɗi cikin dare ba kowa.

Na ƙaninki, yadda kika faɗa, ya fi kama da na farkon. Akwai ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke saitin kunne, ta ciki, wanda ke da hannu a jin wari da tsoro da ajiye abin tunawa. In abin ya fara a nan, mutum yakan ji wani abu na tasowa daga ciki zuwa ƙirji, ko ya ji warin da ba wanda ke ji sai shi, ko tsoro ya kama shi haka kawai, wani ma ya ji kamar ya taɓa rayuwa a wannan lokacin sak. Mutane suna ɗauka wannan alama ce ta cewa ciwon na zuwa, alhali ciwon ne kansa ya riga ya fara, ɗan wurin da ya kama ne ƙarami shi ya sa yana cikin hayyacinsa har yana iya ba da labari. In ya ɗan faɗaɗa sai hankalin ya gushe amma bai faɗi ba, ido a buɗe, yana tsotsar baki ko taune-taune, yana jan riga ko lalube, wani har ya tashi yana tafiya, ki kira shi ba zai amsa ba ko ya amsa da shirme. Yakan ɗauki daga rabin minti zuwa minti biyu, bayan nan ya ɗan rikice, kuma ba zai tuna ba saboda wurin ajiye tunanin ne abin ya shagaltar. Wannan nau'in wlh shi ne ya fi jawo wa mutane a ce musu aljanu, don ba wanda ya saba jin an kira mutumin da ke tsaye da ƙafarsa mai farfaɗiya. Ranar da lantarkin ya tsallaka ya game gefe biyun kuwa, ita ce ranar faɗuwa.

Ita faɗuwar tana da tsari, kuma yana da kyau ki san shi don kar ki firgita. Farko duk naman jiki ya ƙame lokaci ɗaya, ya sandare ya faɗi, wani ya yi ƙara, ba zafi yake ji ba, iska ce ƙirji ya matso ta maƙogwaro da ƙarfi. Muƙamuƙi ya datse, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci har leɓe ya yi duhu. Wannan bai cika wuce sakan 20 ba. Sai jijjigar ta biyo, hannu da ƙafa na fizga, da sauri da farko sannan tana raguwa tana raguwa har ta tsaya. Kumfar da ake tsoro yawu ne kawai da bai iya haɗiyewa ba numfashi ya kaɗa shi, in kin ga ja a ciki to ya ciji gefen harshe ko kumatu. Fitsari na iya kufcewa. Yawanci daga farko zuwa ƙarshe minti ɗaya zuwa uku ne, duk da wanda ke tsaye a kai gani yake awa aka yi. Ƙwaƙwalwar ce da kanta ke kashe abin, ba ruwan da aka zuba ba, ba albasar da aka shaƙa masa ba, amma da yake ana cikin yin waɗannan ne ciwon ke tsayawa, sai kowa ya tafi da cewa dabararsa ce ta yi aiki. Bayan nan zai yi numfashi mai nauyi kamar minshari, ya farka a gajiye da ciwon kai da ciwon jiki, bai san inda yake ba, ya so barci. A bar shi ya yi.

Wanda ke kama gefe biyu tun farko shi ma yana iya zuwa da irin wannan faɗuwar, sai dai babu wani wari ko tasowar ciki kafin nan. Yana da wasu kala kuma. Akwai na yara 'yan firamare, yaro ya ɗauke kamar sakan 10, ido a tsaye ko yana ƙifta-ƙifta, ya dawo ya ci gaba da maganarsa kamar ba a yi komai ba, ya yi haka sau da yawa a rana, malami ya yi ta dukansa wai ba ya mai da hankali. Akwai na fizga guda ɗaya, yawanci samari da 'yan mata da sassafe, hannu ya zabura kofin shayi ya faɗi. Akwai wanda jiki ke saki gaba ɗaya mutum ya zube. Bambanta su ba don iyayi ba ne, maganin ne ya bambanta, kabamazafin da ke yi wa irin na ƙaninki aiki yana iya ƙara tsananta na ɗaukewar yaran nan da na fizgar safe. Shi ya sa nake roƙonki kar a je kemis a ce a ba da maganin farfaɗiya, kar kuma a karɓi ragowar na wani.

Yanzu cokali. Dalilin da ake bayarwa wai kar ya haɗiye harshensa. Ki ɗaga harshenki gaban madubi ki ga tantanin da ya ɗaure shi da ƙasan baki, harshe ba ya haɗiyuwa. Wasu kuma su ce kar ya cije shi, toh cizon tun a sakan na farko yake faruwa lokacin da muƙamuƙi ya datse, kafin a nemo cokali an riga an wuce wurin, kuma ciwon harshe yana warkewa cikin kwanaki, haƙorin babba kuwa in ya karye ya tafi kenan. Abin da ya fi karyewar muni shi ne guntun haƙorin ko guntun icen da aka cusa ya faɗa hanyar numfashi. Masu sa yatsa kuma sun sha rasa fatar yatsa, wani har ƙashi. Tsumma, ɗankwali, biro, duk layi ɗaya ne, ba abin da ke shiga bakinsa. Gaskiyar da ke cikin maganar harshen ita ce bayan jijjigar ta lafa, in yana kwance rigingine, harshen na iya zamewa baya ya rage hanyar iska, yawu da amai su taru. Maganin wannan juya shi gefe ne, shikenan.

Ruwa da manja da madara da rubutu da ake ɗura wa mutum yana cikin wannan halin, wannan ya fi cokali haɗari, don ba ya iya haɗiya, abin huhu zai tafi, daga farfaɗiyar minti biyu a koma jinyar ciwon huhu ko ma a rasa shi a wurin. Ko maganinsa na asibiti ne ba a ba shi ta baki sai ya farka sarai. Sheƙa ruwa a jiki ba ya tsayar da komai, a sanyin Jos ma sai dai a ƙara masa wahala. Danne shi da ƙarti ke yi wai kar ya ji ciwo, ƙarfin fizgar nan ba ya jin riƙo, abin da ake samu gocewar kafaɗa ne. Hayaƙi, turare, barkono a wuta, mutumin da numfashinsa ke da ƙyar ake ƙara shaƙewa. Kara ƙafa a wuta kuwa ban ma san ta ina zan fara ba, ba ya ji a lokacin, sai ya farka ya tarar da ƙuna.

Batun yawu kuma ki gaya wa Mama da lallami, farfaɗiya ba ta yaɗuwa, ba ta yawu ba, ba ta kumfa ba, ba ta fitsari ko tusa ba, ba ƙwayar cuta ba ce da za ta bar jikinsa ta shiga na wani. A mayar masa da kwanonsa cikin na kowa yau ɗin nan. Yaro ɗan 16 da aka ware wa kofi a gidansu, abin da ke cin zuciyarsa ya fi ciwon. Kuma wannan tsoron yawun shi ne ke sa mutum ya faɗi kusa da wuta ko a bakin kwata kowa ya ja baya yana kallo.

Ga abin da za ki yi in ya sake. Da kin ga ya fara, ki kalli agogon waya ki riƙe lokacin, wannan ne abu na farko don shi zai gaya miki ko na gida ne ko na asibiti. In ya ce miki ga warin nan ko ga abin na tasowa, ki zaunar da shi ƙasa nan take nesa da murhu da bakin rijiya. In ya faɗi, ki janye kujera, bokiti, kaskon gawayi, duk abin da zai buge, ki naɗe hijabi ko zani ki sa ƙarƙashin kansa, ki sassauta maɓallin wuya, ki ce mutane su ja baya. Ki bar jikin ya yi abinsa. Da jijjigar ta lafa ki mirgina shi gefe, ƙafar sama a lanƙwashe, haɓa a ɗan ɗage, baki na kallon ƙasa yadda yawu zai zubo waje. Ki duba yana numfashi. In ya yi fitsari ki rufa masa zani kafin ya farka. Ki zauna da shi kina masa magana a hankali, sunansa, inda yake, har ya dawo daidai. In kuma ƙaramin ne na shiru da jan riga, kar ki riƙe shi da ƙarfi ko ki yi masa tsawa, yana iya ture ki ba da saninsa ba, ki dai tsaya tsakaninsa da titi ko wuta har ya wuce.

Lokacin da ba a jira shi ne in jijjigar ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta tsaya wata ta biyo bai farfaɗo a tsakani ba. A nan ƙwaƙwalwar ta kasa kashe abin da kanta, kuma duk daɗewar da ya yi yana ƙara wuyar tsayarwa, allura ake buƙata, a nemi keke ko mota a tafi asibiti mafi kusa yana kwance a gefe. Haka in numfashi bai dawo daidai ba, ko ya fasa kai, ko a ruwa ya faɗi, ko akwai zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya. Na ƙara miki da wannan don wata rana, mai ciki in ta yi jijjiga ko mai ciwon suga, ko wanda bai taɓa yi ba, su ma asibiti ne kai tsaye ko da abin ya tsaya da wuri.

Shi kuwa ƙaninki ko bai sake faɗuwa ba a kai shi cikin satin nan, JUTH da ke Lamingo ko asibitin ƙwararru na jiha, ku nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa da jijiya. Faɗuwa biyu da tazarar fiye da awa 24 ba tare da wani dalili na nan take ba kamar faɗuwar suga ko buguwar kai, ita ce ma'aunin da ake cewa farfaɗiya ce, shi kuma ga ƙananan nan a kai. Likita bai cika ganin ciwon da idonsa ba, da labarinku zai yi aiki, don haka a tafi da wanda ya gani, kuma ku faɗi na warin da tsotsar bakin, kar ku ce wannan na iska ne ba na asibiti ba, shi ne ma zai nuna masa inda abin ke farawa. In da mutum biyu a wurin, ɗaya ya kula da shi ɗaya ya ɗauki bidiyo, don likita kawai, ba don sitatus ba. Za a tambayi Mama ko haihuwarsa ta zo da wahala, ko ya taɓa sanƙarau ko maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, ko yana jijjiga da zazzaɓi yana ƙarami, ko ya taɓa faɗowa daga mashin ya bugu a kai, don irin waɗannan na iya barin tabo a ƙwaƙwalwa wanda abin ke tashi daga gare shi bayan shekaru. A wasu da yawa kuma ba a gano dalili. Ke kuma ki tambaye shi ku biyu, ba gaban Baba ba, ko yana taɓa tiramol, don shi ma da kansa yana iya jawo jijjiga. Wataƙila a rubuta gwajin EEG, wayoyi ne ake mannawa a fatar kai suna karanta lantarkin, ba zafi ba allura, da hoton MRI. In EEG ya fito lafiya ba yana nufin ƙarya yake ba, sau da yawa tsakanin ciwo da ciwo ba ya nuna komai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ta an ba su maganin da ya dace. Inda ake samun matsala shi ne shan maganin. Kullum ne, a kan lokaci, shekaru, ba sai ya ji alama ba. Ana farawa da kaɗan ana ƙarawa, zai iya jin barci ko jiri a makonnin farko, wannan a gaya wa likita ba a ajiye ba. Amma in ƙuraje suka feso masa da zazzaɓi ko gyambo a baki bayan fara sabon magani, ranar a koma asibiti. Abin da na fi tsoro shi ne ya yi wata uku lafiya a ce ai ya warke, ko wani ya ce a ajiye na bature a gwada na gargajiya, yanke magani farat ɗaya yana kawo irin jijjigar nan da ba ta tsayawa. Addu'a kam a yi ta, ba wanda ya hana Mama tofa masa, sai dai maganin na tafiya tare, kuma banda dukansa banda hayaƙi.

Na lura kin ce ta farko da azumi ce, ban yi mamaki ba, rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita, ga tahajjud ga sahur ga makaranta da safe. Kafin azumi mai zuwa ku zauna da likita a tsara lokutan shan magani. Ya rage kwana a kan waya. Har sai likita ya ce ya daidaita, ba tuƙa mashin ko keke, ba hawa bishiya ko rufin ɗaki, ba jan ruwa a rijiya shi kaɗai, ba wanka a kududdufan kuzan nan da samari ke zuwa, kuma lokacin sanyi kar ya zauna dab da kaskon wuta. In zai shiga wanka kar ya sa sakata, ruwan zafi a surka masa tun a waje. Makaranta kuwa ya koma, ƙwallo ma ya buga. Ki je da kanki ki samu malamin ajinsu da abokinsa guda ɗaya da suke zama tare, ki nuna musu yadda ake juya mutum gefe da maganar minti 5 ɗin nan, ki bar musu lambarki. Haƙorin kuma a kai shi wajen likitan haƙori da wuri, in jijiyar ciki ta buɗe tana iya ruɓewa.